Maɗaurin agogo a garin zafi da laima: fata, roba, yadi ko sarƙa?

Aminu Fatakwal

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar agogo. Aiki ya dawo da ni Fatakwal daga Kano, kuma maɗaurin fatar da ya yi mini shekaru a Kano ba tare da ya nuna wata gajiya ba, tun damina ba ta yi nisa ba a nan ya yi baƙi ta ciki, ya soma wari, sannan ya tsage a daidai hudar da nake sawa kullum. Agogon na ƙarfe ne, faɗin wurin da maɗauri yake shiga milimita 20. Aikina rabi a ofis ne rabi a waje, kuma ina yin alwala da shi a hannu, sai dai in ɗan matsar da shi. Tsakanin fata, roba, yadi da sarƙar ƙarfe, wanne ya kamata in saya?

Usman K.

Wa alaikumus salam. Yaya Aminu, ka sayi roba ka huta. Roba ba ta shan ruwa, ba ta tsatsa, ba ta wari, kuma duk inda ka shiga kasuwa za ka same ta da araha. Masu ninƙaya ma ita suke ɗaurawa.

Malam Habu Mai Agogo

Wa alaikumus salam. Malam Aminu, kafin a zo kan abin da za ka saya, ya kamata a fahimci abin da ya kashe wanda ke hannunka, domin zafin Kano da na Fatakwal ba iri ɗaya ba ne. A Kano cikin watan Afrilu zafi yana kai maki 40, amma iskar a bushe take, saboda haka gumin da ya fito yana tashi nan da nan, fatar agogon ta sha kaɗan, ta bushe kafin gari ya waye. A Fatakwal da Legas, inda na daɗe ina gyara, zafin bai kai wannan ba, amma laimar iska takan wuce kashi 80 cikin ɗari a yawancin shekara, gumi ba ya samun inda zai tafi. Maɗaurin da ka cire da dare da ɗanshi za ka mayar da shi da safe, ka ƙara masa gumin wata rana, ka ƙara masa ruwan alwala sau biyar. Fatar da ba ta taɓa bushewa ba ƙwayoyin cuta da fumfuna suke samun wurin zama a cikinta, daga nan warin yake fitowa. Gishirin gumi kuma yana taruwa a cikinta, man da ke sa ta laushi yana fita, sai ta ƙage ta tsage a inda take lanƙwasa, wato hudar da kake amfani da ita.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane maɗauri a irin wannan gari guda biyu ce: ana iya wanke shi da ruwa da sabulu ba tare da ya lalace ba, kuma in an wanke yana bushewa da wuri? Fata ta faɗi a dukkan biyun. Yadi yana wankuwa amma yana jinkirin bushewa. Roba da sarƙa sun tsallake, sai dai kowannensu da tasa matsalar, kuma maganar Malam Usman cewa roba ba ta wari tana bukatar gyara.

Baba Ɗanladi Baduku

Habu, ban yarda a yanke wa fata hukunci haka ba. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan maɗaurin fata ba fata ce tsantsa ba. In ka yanka shi za ka ga ɓawon fata siriri a sama, a tsakiya wani abu kamar kwali, a ƙasa kuma leda, duka an haɗa su da gam. Irin wannan ko a Kano ruwa ya taɓa shi sai ya ɗaye. Fatar da aka jeme da bagaruwa, aka yanka ta fallen guda aka ɗinke ba tare da ciko ba, kamar yadda muke yi da fatar jar akuyar Sakkwato, ba ta ɗayewa domin babu abin da aka liƙa. Kakanninmu sun ɗaura layu da kambu na fata a jiki shekara da shekaru, gumi bai cinye su ba.

Malam Habu Mai Agogo

Allah ya ƙara muku lafiya, Baba. Maganarku a kan masu ciko da gam gaskiya ce, su ne suka fi saurin mutuwa. Amma da izininku, fatar da aka jeme da bagaruwa ta fi wadda aka jeme da sinadarin kurom shan ruwa, tana yin duhu in ta jiƙe, kuma in ta bushe tana tauri sai an shafa mata mai. Ƙarkonta a arewa yana da nasaba da busasshiyar iskarmu, wadda take ba ta damar bushewa tsakanin gumi da gumi. A Fatakwal ba za ta ɗaye ba, amma za ta yi wari, kuma takalmin fata ma in aka ajiye shi a kabad a can makonni kaɗan sai a tarar ya yi fumfuna. Wanda ya nace sai fata, abin da nake ba shi shawara shi ne ya sami guda biyu yana musanyawa, ya bar kowanne ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu, kada ya shanya shi a rana, ya kuma cire agogon gaba ɗaya lokacin alwala har hannun ya bushe. Akwai kuma wanda ake yi fata a sama roba a ƙasa, wanda yake hana gumi shiga ta ciki, ko da yake ruwa yana bi ta gefe da ta hudojin.

Sa'idu Mai Babur

Ni nawa an rubuta 30M a bayansa, kuma ruwan sama ya sha dukana da shi bai taɓa tsayawa ba. Malam Aminu ya nemi agogo mai hana ruwa kawai, matsalarsa ta ƙare.

Aminu Fatakwal

Na gode Malam Sa'idu, amma agogon lafiyarsa ƙalau, maɗaurin ne yake ba ni wahala. Malam Habu, ina jiran gyaran da ka ce maganar roba tana bukata.

Malam Habu Mai Agogo

Duk da haka rubutun da Malam Sa'idu ya ambata zai yi mana amfani in an zo maganar wanki, domin 30M ma'anarsa agogon yana jure fantsamar ruwa ne kawai, ba a tsoma shi.

Abin da ake kira roba a kasuwa aƙalla iri uku ne, kuma ba su da hali ɗaya. Na farko shi ne silikon, mai laushi ƙwarai da araha. Zafi da gumi ba sa yi masa komai, amma yana kwasar ƙura da zaren tufafi, yana manne wa fata in ta jiƙe, kuma da zarar ya sami 'yar tsaga a bakin huda sai ya yage gaba ɗaya. Na biyu shi ne irin baƙin maɗaurin da ke zuwa da agogo kamar Casio F-91W, wanda roba ce ta foliyuritan. Wannan yana da ƙarfi yana sabo, amma laima da zafi suna ruguza shi a hankali daga ciki, kuma alamarsa ita ce ya soma tauri ko danƙo, ɗan zoben da ke riƙe jelar ya fara karyewa, daga baya maɗaurin ya ɓalle a kusa da jikin agogo. Abin mamaki, ko a akwati aka ajiye shi hakan tana faruwa. Na uku shi ne wanda ake rubuta wa FKM, irin wanda kamfanin Apple yake yin maɗaurinsa na motsa jiki da shi. Shi ya fi jure rana, mai da gumi, ba ya kwasar ƙura, kuma ya fi tsada. Ana gane shi da nauyi, domin in ka ɗora shi a tafin hannu tare da silikon mai girmansa za ka ji ya fi shi nauyi sosai, sannan in ka goga shi a jikin riga ba ya ɗebo zare.

Amma ko wanne iri ne, roba mai santsi da babu huda ko kwari a cikinta tana kulle gumi tsakaninta da fatar mutum. Ita ba ta sha ba, hannun ne yake kwana a jiƙe, kuma daga nan ake samun ƙaiƙayi da wari. Tun shekarun 1960 aka yi maɗaurin Tropic domin masu nutso, mai ƙananan hudoji a jikinsa da rami-rami a cikinsa, saboda ruwa ya fita iska ta shiga. In za ka sayi roba, ka juya cikinta ka duba kafin ka dubi launinta.

Hajiya Binta Nima

Assalamu alaikum. Ina rubutu daga Akara, inda laimarmu ba ta da bambanci da ta Fatakwal, kuma aikin jinya nake yi. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar Malam Habu, domin ina ganin mutane da jan zobe a wuyan hannu suna cewa roba ce ba ta karɓe su ba. Sau da yawa ba robar ba ce, sabulu ne da gumi da suka maƙale a ƙarƙashinta. Mutum ya wanke hannu, kumfa ta shiga ƙarƙashin maɗauri ba a ɗauraye ba, fata ta jiƙe na sa'o'i, sai ta yi ja ta soma saɓa. Irin wannan yana bin faɗin maɗaurin duka, kuma yana warkewa in an cire agogon na 'yan kwanaki ana busar da wurin. Amma in ƙurajen sun tsaya daidai inda ƙarfen maƙulli ko bayan agogo yake taɓa fata, suna ƙaiƙayi mai tsanani, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa, kuma suna dawowa duk lokacin da aka mayar da agogon, to a yi zargin nikel, wani sinadari da ake haɗawa cikin ƙarfe. Gumi ne yake narko shi daga ƙarfe, shi ya sa mai wannan matsala yake iya sa agogo lafiya a lokacin sanyi, ya kasa a lokacin zafi. Ni kaina ba na iya sa sarƙa mai araha, saboda haka kada a gaggauta tura Malam Aminu ga ƙarfe sai an tambaye shi ko kan bel ko maɓallin wando ya taɓa fito masa da ƙuraje.

Aminu Fatakwal

Hajiya, ban taɓa samun haka ba, alhamdu lillahi. Sai dai na taɓa aron agogon sarƙa na ƙanena, ya bar mini koren tabo a hannu.

Usman K.

Wannan jabun ƙarfe ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka kai maganaɗisu kusa da shi, in bai kama ba to na gaske ne wanda ba ya tsatsa har abada.

Malam Habu Mai Agogo

Malam Usman ya kama rabi. Gaskiya ne ƙarfen 316L, wanda ake yin sarƙa mai kyau da shi, maganaɗisu ba ya kama shi sosai, amma farar tagullar da aka shafa wa ruwan ƙarfe ma ba ya kama ta, kuma ita ce take barin koren tabo bayan gumi ya cinye shafen. Saboda haka gwajin ba ya raba su. Abin da nake dubawa shi ne cikin maƙulli da gefen gaɓoɓi inda suke gogar juna, in na ga rawaya ko ja yana leƙowa daga ƙarƙashi na san shafe ne. Shi 316L ɗin ma yana da nikel kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari, sai dai yana riƙe shi da kyau har yawancin mutane ba sa jin komai. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta iyakance nikel ɗin da abin da ke daɗewa a jikin fata zai iya saki, amma kayan da ke shigowa kasuwanninmu ba kowanne ya bi ta wannan ma'auni ba. Mai irin lalurar Hajiya titaniyom ya fi dacewa da shi, ga shi kuma ya fi ƙarfe rashin nauyi da kimanin kashi 40 cikin ɗari.

Batun har abada kuwa babu shi. Datti da gishirin gumi da suka cushe tsakanin gaɓoɓi suna iya sa tsatsa a wurin da iska ba ta kaiwa, kuma abin da ya fi saurin lalacewa shi ne fil mai sifirin da ke riƙe maɗauri a jikin agogo. Na sha karɓar agogon da ya faɗi ya fashe alhali sarƙarsa ƙalau take, fil ɗin ne ya ci tsatsa daga ciki. A garin laima duk lokacin da aka canza maɗauri a canza fil, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Malam Aminu, tunda ba ka da matsalar nikel, kuma rabin aikinka a ofis ne, ni sarƙa zan zaɓa maka, amma da sharaɗi, domin hannu yana kumbura da zafi. Ka auna wuyan hannunka da zare da asuba, ka sake aunawa bayan azahar in ka dawo daga waje. A ce ka sami santimita 17.5 da safe, 18 da rana. Wannan rabin santimitar ita ce take sa sarƙar da aka daidaita a shago mai sanyi ta shaƙe hannu da la'asar, ta bar shatin gaɓoɓi a fata. Cire gaɓa guda ko ƙara ta yana canza tsawo da yawa, saboda haka ka nemi maƙullin da ke da ƙananan hudoji uku ko huɗu a gefensa, waɗanda kowannensu yake matsar da tsawon da 'yan milimita. Mai gyara ya daidaita maka ita da rana lokacin da hannun ya cika, ya bar fil ɗin a hudar tsakiya domin ka sami wurin ƙarawa da ragewa, kuma ƙaramin yatsanka ya iya shiga ƙarƙashin maƙullin da ƙyar. Ka guji sarƙar da aka yi gaɓoɓinta da faifan ƙarfe naɗaɗɗe, wadda in ka dubi gefenta kake ganin ninki, domin tana tsinke gashi kuma tana ɓoye datti inda burushi ba ya kaiwa.

Nura Ɗan Agaji

Ban ga an yi wa yadi adalci ba. Ni maɗaurin nailan da ake kira NATO nake ɗaurawa, wanda asalinsa Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ce ta fitar wa sojojinta a 1973, kuma sojoji ba a ofis suke aiki ba. Da yake yana bi ta ƙarƙashin agogo ne ya ratsa fil biyun, ko ɗaya ya karye, kamar yadda Malam Habu ya ce yana faruwa, agogon ba ya faɗuwa. Ana zare shi ba tare da wani kayan aiki ba, a wanke da sabulu, a saka wani. Guda uku nake da su, kuma kuɗinsu duka bai kai na sarƙa ɗaya mai kyau ba. Bugu da ƙari yana raba bayan agogo da fata, wanda zai taimaki masu matsalar nikel.

Hajiya Binta Nima

Malam Nura, yana raba bayan agogon da fata, amma zobbansa da maƙullinsa ƙarfe ne, kuma nailan ɗin da ya jiƙe ba shinge ba ne. Abin da ya fi damuna da shi shi ne bayan alwala, domin ninki biyun da ke ƙarƙashin agogo suna riƙe ruwa a daidai wurin da iska ba ta shiga, kuma a nan Akara sai a kai wata sallar bai gama bushewa ba. Na koma irin saƙaƙƙen nan da ake kira Perlon, wanda saƙarsa a buɗe take har ana hango haske ta cikinta. Ya fi saurin bushewa, kuma ba shi da huda, harshen maƙulli yana shiga ko'ina cikin saƙar, saboda haka in hannu ya kumbura ana sassauta shi daidai yadda ake so. Aibinsa shi ne yana da kaushi yana sabo, kuma agogo mai nauyi yana juyawa a kansa.

Nura Ɗan Agaji

Hajiya, da girmamawa, ana iya yanke ninki na biyun a ƙona bakin da ashana ya zama falle ɗaya, haka na yi da nawa. Har yanzu ina ganin ga mai aiki a rana yadi ya fi sarƙa, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi, kuma nauyinsa yana sa agogo zamewa a hannun da ya yi gumi.

Malam Habu Mai Agogo

Wannan ba zan musa ba, ga mai babur ko mai aikin gini da zai yini a rana roba mai hudoji ko yadi falle ɗaya sun fi sarƙa daɗi, kuma a nan ni da Malam Nura sai dai kowa ya riƙe nasa. Abin da ba a sasantawa a kansa shi ne wanki. Sarƙar da ba a wankewa tana tara baƙin datti mai ƙurar yashi a ciki, wanda yake cin fil ɗin gaɓoɓi a hankali har sarƙar ta saki, mutane su ce ta miƙe, alhali cinyewa ta yi. Sau ɗaya a mako a goge ta da tsohon burushin haƙori da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a ɗauraye sosai, a tsane da tawul. In an rubuta 100M a bayan agogon kuma an tabbatar kan da ake juyawa a rufe yake, ana iya ɗauraye shi duka. In 30M ne irin na Malam Sa'idu, ko agogon ya daɗe ba a canza masa robobin hana ruwa ba, a riƙe jikin agogon a sama a wanke sarƙar kaɗai, ko a cire ta. Masu roba kuma su kiyayi fesa turare ko maganin sauro na shafawa a kan maɗauri, musamman mai sinadarin DEET, domin yana ɓata irin robar agogon Casio da gilashinsa na roba.

Baba Ɗanladi Baduku

Duk na ji bayaninku, amma Aminu, ranar Juma'a ko ɗaurin aure, in ka sa babbar riga da hula, roba ba ta dace da hannunka ba. Ka ajiye na fata guda saboda irin waɗannan ranaku, kada ka kulle shi a leda ko akwati, ka bar shi inda iska take ratsawa.

Aminu Fatakwal

Na gode Baba, zan yi hakan. Malam Habu, saura abu ɗaya. Agogona da fata ya zo daga kamfani, kuma wani mai shago ya ce mini ba kowace sarƙa mai milimita 20 za ta zauna a kansa ba. Gaskiya ne?

Malam Habu Mai Agogo

Gaskiya ya faɗa maka. Sarƙa mai lanƙwasasshen baki an ƙera ta ne domin ta rungumi jikin wani agogo na musamman, kuma a kan wani daban ko dai ta ƙi shiga, ko ta bar giɓi tana ƙara, ko hudar fil ta saɓa. Ka nemi mai miƙaƙƙen baki, wadda take zama a kan kusan kowane agogo mai wannan faɗi, ko kuma saƙaƙƙiyar sarƙar nan mai kama da raga, wadda maƙullinta yake zamewa a daidaita shi ko'ina ba tare da cire gaɓa ba, ko da yake ita ramukanta suna saurin cika da datti kuma wankinta ya fi yawa. Ka tafi da agogon shagon, a ɗora a gabanka, ka ja kowane gefe da ƙarfi ka tabbatar fil ɗin ya zauna a raminsa kafin ka biya.